Akses foyin nawa ɗakin taro ko hawan ofis yake buƙata, kuma a ina za a kafa su? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da shugabannin makarantu da masu kula da ofisoshi suka fi yi mini idan za su ja waifai a wurin da jama'a ke cika. Akses foyin ita ce farar na'urar nan da ake mannawa a silin ko a bango, wadda wayoyi da laftof ke kamawa, ita kuma ta miƙa su ga kebul. Daga nan zan riƙa ce mata na'ura kawai. Misali ɗaya zan riƙe a mafi yawan amsoshin: ɗakin taron makaranta mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20, kujeru 400, silin mai tsayin mita 6. Daga baya mu hau benen ofis, domin lissafinsa daban ne.

A jikin kwalin an rubuta cewa na'ura ɗaya tana ɗaukar mutum fiye da 200, kuma tana kai nesa. Me zai hana biyu su ishe mu?

Abin da aka rubuta ba ƙarya ba ne, amma ba amsar tambayarka ba ce. Wannan adadi yana nufin wayoyin da na'urar za ta iya riƙe sunayensu a lokaci guda. Bai ce duk za su yi aiki da daɗi ba. Kuma a ɗakin da babu bango a tsakiya, nisa ba matsala ba ne ko kaɗan: na'ura ɗaya a tsakiyar silin za ta cika ɗakinmu da sigina har a ji ta a waje.

Matsalar tana wani wuri. A kan tasha ɗaya ta waifai, ɗaya ne ke magana a lokaci guda, ko na'urar ko ɗaya daga cikin wayoyin. Kowace waya sai ta saurara, ta ji shiru, sannan ta aika nata. Kamar rijiya ce mai guga ɗaya: ko ruwa ya cika ta har baki, idan mutum ɗari biyu suka zo da jarkokinsu, layi za a bi. Shi ya sa za ka ga sandunan sigina sun cika fal a waya, amma shafi ya ƙi buɗewa. Abin da ya ƙare lokacin magana ne, ba ƙarfin sigina ba. Sababbin na'urori na zamanin waifai 6 suna iya raba tasha tsakanin wayoyi da dama a zubi ɗaya, kuma hakan yana taimakawa, sai dai sai wayoyin ma sun iya, ga shi kuwa a makarantunmu tsofaffin wayoyi sun fi yawa. Ni ba na gina lissafi a kan wannan.

To yaya ake lissafin?

Da tambayoyi uku: wayoyi da laftof nawa za su yi aiki a lokaci ɗaya, nawa kowace take buƙata, kuma nawa kowace take iya ja idan ita kaɗai ce a kan tasha.

Ta farko. Kujeru 400 ba sa nufin waya 400 na aiki tare. Wasu ɗaliban sun zo da waya da laftof, don haka a ce wayoyi da laftof 500 ne za su kama waifai, amma da yawa suna aljihu. Lokacin da ya kamata a yi wa tanadi shi ne mafi muni, wato sa'ad da malami ya ce kowa ya buɗe shafin darasi. Bari mu ce bakwai cikin goma na mutum 400 ɗin ne za su taɓa a lokaci guda: mutum 280. Cikinsu a ce 200 da waya suke, 80 da laftof. Waɗannan ƙiyasi ne na misali. Kai ka shiga ɗakinka ranar da ya cika ka ƙirga da idonka.

Ta biyu. Buɗe shafuka, sauke takardar darasi, amsa tambayoyi a fom, da ɗan gajeren bidiyo jefi-jefi, megabit 1 a daƙiƙa ga kowane mutum ya isa. Idan kowa zai kalli bidiyo mai kyan hoto tare, sai ka ninka sau uku ko fiye.

Ta uku ita ce wadda aka fi mantawa. Waya mai araha yawanci eriya ɗaya gare ta, kuma a kan tasha mai faɗin megahaz 20 saurin da take nunawa bai wuce megabit 72 ko 87 ba, in ba sabuwa ba ce. Wannan ma ba shi ne abin da ke isa hannu ba, domin kusan rabinsa yana tafiya wajen jira da amsa saƙo da maimaita abin da ya lalace. A ɗakin da ya cika ina ɗaukar megabit 35. Laftof mai eriya biyu tana nuna 144 ko 173, ni kuma ina ɗaukar 80.

Yanzu sai rabawa. Wayar da ke son megabit 1, kuma 35 take iya ja, tana cin kashi ɗaya cikin 35 na lokacin tasha.

```
200 x (1 / 35) = 5.7
 80 x (1 / 80) = 1.0
5.7 + 1.0      = 6.7
6.7 / 0.7      = 9.6
```

Ma'anar 6.7 ita ce, jama'ar nan za su cinye lokacin tasha shida da ɗoriya kakaf. Amma ba a cika tasha har wuya. Da zarar ta wuce kashi 70 cikin ɗari, karo tsakanin masu magana yana yawa, jinkiri ya hau. Shi ya sa aka raba da 0.7, aka sami 9.6. Ke nan rediyo goma muke buƙata, kowace a kan tasharta.

Ka lura da wani abu a lissafin: wayoyi 200 sun ci kusan ninki shida na abin da laftof 80 suka ci. Mai jinkiri shi ke cinye lokacin kowa. Don haka sanin irin wayoyin da ke hannun ɗalibanka ya fi sanin sunan kamfanin da ya ƙera na'urar muhimmanci.

Rediyo goma na nufin na'ura goma ke nan? Ko biyar, tunda kowace na da rediyo biyu?

Ba goma ba, ba kuma biyar ba. Gaskiya ne kowace na'ura ta yau da kullum tana da rediyo biyu, ɗaya a zangon gigahaz 2.4, ɗaya a zangon gigahaz 5. Amma zangon 2.4 matsattse ne. Tashoshi uku ne kawai ake dogara da su ba tare da sun shiga juna ba: 1, 6 da 11. A cikin ɗaki guda da babu bango, duk na'urorin suna jin juna, don haka idan ka kunna rediyo biyu a kan tasha 6, ba ka ƙara guga ba, mutum biyu ka sa su riƙe igiya ɗaya. Rediyon 2.4 uku ne kawai za su yi amfani a ɗakin, ko da na'ura ashirin ka rataya.

Goma a cire uku, saura bakwai, kuma dole su fito daga zangon 5. Na'ura bakwai ke nan a ƙalla. Ni takwas zan saya, saboda dalili biyu. Zangon 2.4 ba ya ba da cikakken abin da aka lissafa masa, domin bulutut da hotsifot da waifan maƙwabta duk a can suke. Sannan takwas tana rabuwa daidai a silin, layi biyu na huɗu-huɗu. Sakamako: na'ura takwas, rediyon zangon 5 a kunne a dukansu, rediyon 2.4 a kunne a uku kawai, a kashe a biyar. Wayoyi da laftof 500 a kan rediyo 11 sun kama kusan 45 kowace, kuma wannan adadi ne da na'ura mai kyau ke riƙewa ba wahala.

Kashe rediyo biyar yakan yi wa mai biyan kuɗi ciwo, na sani. Yana ganin an saya an ajiye. Amma barinsu a kunne shi ne asara.

Idan muna da kuɗi, mu sa goma sha biyar mana, mu huta?

A'a. Iyakarka ba kuɗi ba ne, yawan tashoshi ne. A zangon 5, tashoshin da kusan kowace waya ke gani su ne 36, 40, 44, 48, sai kuma 149, 153, 157, 161 da 165 a ƙasashen da aka yarda da su. Akwai wasu da yawa a tsakiya, daga 52 zuwa 64 da kuma daga 100 zuwa 140, waɗanda a shafin saiti za ka gan su da alamar DFS. Ana tarayya a kansu da na'urorin rada, don haka dole na'ura ta yi sauraro kafin ta fara aiki, kuma idan ta ji rada sai ta bar tashar nan take, mutanen da ke kanta su yanke na ɗan lokaci. Wasu wayoyin ma ba sa ganinsu. Ana amfani da su idan an gwada an ga wurin lafiya, musamman in babu filin jirgin sama kusa, amma ba da su nake farawa ba. Ka kuma tabbata ka zaɓi ƙasarka daidai a saitin na'urar, domin shi ke tsara tashoshin da za ta buɗe maka.

Duk na'urar da ka ƙara bayan tashoshi sun ƙare, za ta hau tashar wata ce. Ba ta kawo ƙarin lokaci ba, sai ma ta rage, domin ita ma tana shelar sunanta kusan sau goma a kowace daƙiƙa.

Me ya sa kake ta cewa megahaz 20, alhali na'urar tana iya 80, kuma 80 ta fi gudu?

Ta fi gudu ga mutum ɗaya a falonsa. Tasha mai faɗin 80 tashoshi huɗu ne na 20 aka haɗe. Idan ka bar na'urorinka a 80, tashoshi takwas na na'urorinmu sun koma biyu, na'ura huɗu-huɗu na jiran juna a kan kowace. Na'urori da yawa a 80 suke fitowa daga kwali, kuma wannan saiti ɗaya ya lalata ɗakunan taro da yawa da aka kashe wa kuɗi. A wurin cunkoso 20 ake so. A ofis mai bangaye da mutane kaɗan, 40 tana iya yiwuwa.

A ina daidai za mu kafa takwas ɗin?

A ƙarƙashin silin, fuskarsu na kallon ƙasa, a saman kawunan mutane. Jikin mutum ruwa ne mafi yawansa, kuma yana shanye sigina. Na'urar da aka manna a bango daidai tsayin kafaɗa sai siginarta ta ratsa layin jikuna kafin ta kai tsakiyar ɗaki. Wadda ke sama kuwa kai-tsaye take sauka kan tebur.

A ɗakinmu, ja layi biyu a tsawon ɗakin, kowane mita 5 daga bangon gefensa, ke nan mita 10 tsakaninsu. A kowane layi na'urar farko ta zauna kusan mita 4 daga bangon gaba, sauran su biyo da tazarar mita 7 da rabi. Tashoshin kuma a jera su ta yadda maƙwabta na kusa ba za su kasance a tashoshi masu bin juna ba:

```
36    149   44    157
161   48    153   40
```

Uku da za a bar wa 2.4 a warwatsa su: ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya ta ɗaya layin, ɗaya a baya, a kan 1, 6 da 11.

Tsarin nan na ɗakin da kujeru suka bazu daidai ne. Idan gaban ɗakin dandamali ne mai zurfin mita biyar da ba kowa sai mai jawabi, matso da layukan baya, su bi inda mutane suke. Ka nisanci farfelar fanka, da manyan ƙarafan da ke riƙe rufi, da bututun iyakwandishan. Na'urar da aka ɗaure a bayan ƙarfe ta rasa rabin ɗakin.

Mita 6 tsayi ne da na'ura mai watsa sigina kowane gefe take iya ɗauka. Idan rufin ya kai mita 9 ko 10, kamar manyan ɗakunan taro masu rufin kwano ba silin, abin ya sauya. Daga can sama kowace na'ura tana ganin duk ɗakin daidai wa daida, kuma wayoyi ba sa bambance ta kusa da ta nesa. Ko dai a sauko da su da sandar ƙarfe zuwa mita 5 ko 6, ko a sayi masu eriyar da ke haska yanki ɗaya kamar tocila.

Za mu iya ɓoye su a cikin silin don kyan gani da tsoron ɓarayi?

Ban ba da shawara ba. Tsakanin silin da kwano tanda ce. Da yawa daga na'urorin cikin gida an ƙera su ne su yi aiki har zuwa digiri 40, ga shi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin inuwa ma yakan wuce haka a watan Afrilu, balle ƙarƙashin kwano da rana tsaka. Alamarsa ita ce waifai ya yi lafiya da safe, ya fara yankewa bayan azahar, ya dawo da magariba. Ga ƙurar hunturu, ga ɓeraye masu cin kebul. Idan tsoron sata ne, yawancin na'urori suna da wurin kulle su a jikin mariƙinsu, kuma mita 6 ba wurin da hannu ke kaiwa ba ne.

Ƙarfin siginar fa? Mu ƙure shi?

Ka rage shi. Magana ce ta ɓangare biyu: na'ura na iya ɗaga murya ta kai ƙarshen ɗaki, amma waya da ɗan batirinta ba za ta iya mayar da amsa da wannan ƙarfin ba. Kuma idan duk takwas suna ihu, wayar da ta kama na'urar bakin ƙofa lokacin shigowa za ta manne mata ko da mai ita ya je ya zauna a gaba. Sai ka tarar da mutum 150 a kan na'ura ɗaya, wata kuma na da 12. Wannan rashin daidaito shi ne abin da na fara dubawa a shafin kula da na'urori idan aka ce mini ɗaki na ciwo.

A ɗaki irin namu ina farawa da 11 zuwa 14 dBm, wato ma'aunin ƙarfin sigina, a zangon 5, zangon 2.4 kuma ƙasa da haka da kamar 6, don wayoyin da ke iya 5 su fi sha'awarsa. Ka tuna duk ragin 3 rabin ƙarfi ne. Sai kuma ka kashe tsofaffin matakan gudu na 1, 2, 5.5 da 11, ka sa mafi ƙanƙanta ya zama 12. Shelar suna da mafi ƙanƙantar gudu ake yinta, don haka ɗaga shi yana rage lokacin da take ci, yana kuma sa wayar da ta yi nisa ta saki ta nemi ta kusa. Sunayen waifai, wato abin da saiti ke kira SSID, kada su wuce biyu ko uku, domin kowane suna da shelarsa. Kuma suna ɗaya za a sa a duk na'urorin, ba kowace da nata ba.

Mu ofis ne, ba makaranta ba. Ma'aikata 60 a hawa ɗaya. Lissafin ɗaya ne?

Ka yi lissafin, amma da wuya shi ne zai yanke hukunci. A ce hawan na da tsawon mita 40 da faɗin 15, doguwar hanya a tsakiya, ofisoshi hagu da dama. A lokacin da aiki ya fi zafi mutum 20 suna taron bidiyo, kowa megabit 3, sauran 40 kuma megabit 1. Jimla 100. A raba da 80 na laftof, a sake rabawa da 0.7, bai kai rediyo biyu ba. Idan fili ne buɗaɗɗe mai tebura kawai, na'ura uku sun wadatar.

Amma gininmu na bulo ne da siminti. Bangon bulo da aka yi wa filasta yakan ci 10 dB ko fiye a zangon 5, ginshiƙi da rufin kankare da aka zuba da rodi sun fi haka nesa ba kusa ba, ƙofar ƙarfe kuwa kusan toshewa take yi. Bangon katako ko gilashi marar rufin ƙarfe kaɗan yake ci. Abin da ake nema shi ne a kowane tebur siginar zangon 5 ta kai -67 dBm ko ta fi, wato lambar ta zama ƙasa da 67, kamar -60. Idan a cikin ɗakin da na'ura take kana samun -50, bango ɗaya ya kai ka wajen -62, na biyu ya jefa ka -74, inda kiran bidiyo ke fara tsinkewa. Ƙa'idar da nake bi ke nan: bango ɗaya tsakanin na'ura da mutum, ba biyu ba. Da ita hawan nan zai iya cin na'ura biyar ko shida. Bango ne ya ƙayyade adadin, ba yawan mutane ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne jera na'urori a hanyar tsakiya, saboda can ne jan kebul ya fi sauƙi. A can duk suna ganin juna tar, suna damun juna, mutanen da ake yi domin su kuma suna bayan bango da ƙofa. Ka shigar da su cikin ofisoshin, ɗaya a hagu, ta gaba a dama, a karkace, ta yadda kowace za ta yi wa ɗakinta da na kusa da shi hidima. A nan bangon ya zama abokinka, domin yana raba na'urorin, har ka iya maimaita tasha a ɗaya ƙarshen. Ɗakin mitin da ke ɗaukar mutum ashirin a ba shi tasa. Kada kuma ka dogara da na'urar hawan sama ko ta ƙasa, kuma kada a kafa su daidai saitin juna hawa bisa hawa a kan tasha ɗaya.

Ta yaya za mu san abin da bangonmu ke ci kafin mu sayi kaya?

Sayi ɗaya tak, ko ka ara, irin wadda za ka kafa. Ɗaure ta a kan doguwar sanda ko tsani a daidai inda kake tunanin sa ta, da ƙarfin da za ka yi aiki da shi, ka kunna, ka zagaya da zanen ginin a hannu kana rubuta lamba a kowane lungu. Tsaya gaban bango ka auna, zagaya bayansa ka sake aunawa. Bambancin shi ne abin da bangon ya ci. Inda sigina ta fi -67 rauni, kamar -70, nan ne iyakar wannan na'ura, sai ka matsar da sandar ka sake.

A wayar Android akwai manhajojin auna waifai kyauta da ke nuna lambar. A laftof mai Linux:

```
iw dev wlan0 link
```

A Windows kuma wannan zai nuna tasha da gudu da ƙarfin sigina a kashi cikin ɗari:

```
netsh wlan show interfaces
```

Ka auna da waya mafi rauni da mutanenka ke riƙewa, ba da laftof mai tsada ba, domin kunnensu ba ɗaya ba ne. Kuma ka rufe ƙofofi yadda suke a ranar aiki.

Jan kebul zuwa kowace na'ura na da tsada. Ba za su iya miƙa wa juna ta iska ba?

Suna iyawa, amma da lokacin maganar da muka sha wahalar lissafawa za su biya. Saƙon da ya bi ta na'ura biyu a kan rediyo ɗaya sau biyu aka faɗe shi, don haka kusan rabin ƙarfin ya tafi. A gida ko rumfar mai gadi babu laifi. A ɗakin mutum 400, kowace na'ura da kebul ɗinta har suwic, wato akwatin da duk kebul ɗin ke haɗuwa a cikinsa.

Kebul ɗin kada ya wuce mita 100, kuma ya zama jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha a kasuwa wanda alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare sili ɗaya na wayar da wuƙa, in ka ga fari a ciki, mayar da shi. Da yake ta cikin kebul ɗin nan wuta ke zuwa wa na'ura, abin da ake rubutawa PoE, irin wannan kebul yana zafi, wuta ta ragu a hanya, na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi.

Duba suwic ɗin ma da kyau. Ma'aunin 802.3af yana ba da wat 15.4 a kowace kafa, 802.3at kuma wat 30, kuma yawancin na'urori masu ƙarfi na biyun suke so. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne jimlar da suwic ke iya bayarwa. Mai kafa takwas da jimlar wat 120, idan ka cika shi, wat 15 kowace za ta samu. Wasu na'urorin idan wuta ta gaza ba sa mutuwa, sai su rage ƙarfin rediyonsu shiru, kai kana can kana neman laifi a wani wuri. Ka duba wat nawa taka ke ci a takardarta, ka ninka da takwas, ka bar rara. Sannan suwic da rawuta su zauna a kan inbata, domin duk ɗaukewar wuta kafin janareta ya tashi, na'urori sai sun yi 'yan mintuna kafin su dawo, mutum ɗaruruwa kuma su ruga kansu a lokaci guda.

Mun yi duk wannan, amma ranar taro wasu sun kasa shiga, waɗanda suka shiga kuma suna kukan jinkiri. Me ya faru?

Kafin ka zargi na'urorin, raba matsalar gida uku.

Idan waya ta kama waifai amma ta tsaya tana neman adireshi, ko ta ce babu intanet alhali na kusa da ita na aiki, adireshi ne suka ƙare. Yawancin rawutoci da /24 suke zuwa, adireshi 254 ke nan, wasu ma ɗari kawai suke rabawa. Mu kuwa wayoyi da laftof 500 muke jira. A saitin DHCP, wato sashen rawuta mai raba adireshi, ka faɗaɗa zuwa /22, mai adireshi 1022, ka rage wa'adin riƙe adireshi zuwa awa biyu ko huɗu, don waɗanda suka fita su saki nasu. Ka kuma tabbata rawutar kanta ta ofis ce, ba ƙaramar ta gida ba.

Idan kowa ya shiga amma komai na ja, gwada cikin gida tukuna. Haɗa kwamfuta ɗaya da kebul ka sa ta saurare da `iperf3 -s`, daga laftof a kan waifai kuma ka buga:

```
iperf3 -c 192.168.1.10 -R
```

Ka sa adireshin taka kwamfutar a madadin wannan. Idan gwajin ya ba da gudu mai kyau amma intanet na rarrafe, layin da kuka saya ne ya yi kaɗan. Lissafinmu ya nemi megabit 280. Idan na 50 makaranta ke biya, kowane ɗaya daga cikin 280 ɗin bai samu kashi ɗaya cikin biyar na megabit ba, kuma babu yawan na'urar da zai gyara wannan. Ko a ƙara layi, ko a ajiye kayan darasi a kan kwamfutar cikin makaranta, ko a sa wa kowa iyaka don kada mutum biyar masu sauke fim su shanye na kowa.

Idan kuma gwajin cikin gida ma ya faɗi, duba yawan cikar tasha a shafin kula da na'urori. In ta haura kashi 70 alhali mutanenka ba sa jan abu mai yawa, wani ne ke cin lokacin. Sau da yawa hotsifot ɗin ɗalibai ne da ƙananan rawutocin aljihu. Abin yana ciyar da kansa: waifai ya yi jinkiri, mutum goma su kunna hotsifot, jinkiri ya ƙaru, wasu ashirin su kunna. Roƙon jama'a daga kan dandamali su kashe yana aiki fiye da yadda ake zato, muddin waifan makarantar zai ɗauke su bayan sun kashe.

Yaushe za mu ce aiki ya kammala, mu biya mai kwangila?

Ba ranar da ya gwada a ɗakin da babu kowa ba. Ɗaki fanko kullum lafiya yake. Ka sa a cikin yarjejeniya cewa kason ƙarshe sai bayan gwaji da ɗaki cike. Tara ɗalibai, ka ce kowa ya buɗe shafi ɗaya a lokaci guda, kai kuma kana kallon abu uku: ko mutane sun rabu a kan na'urorin ba tare da wata ta ninka 'yar'uwarta sau biyu ba, ko cikar kowace tasha ta tsaya ƙasa da kashi 70, da ko wayar da ke kujerar ƙarshe ta kusurwa tana ganin -67 ko abin da ya fi. Ka karɓi zanen da ke nuna inda kowace na'ura take da tasharta da lambar kafarta a suwic, da kalmar sirrin shiga saiti. A kuma bar rarar kebul mita biyu ko uku a naɗe a saman kowace na'ura, domin bayan gwajin nan sau da yawa akwai ɗaya ko biyu da za a matsar.

Jarrabawa ta kwamfuta za mu riƙa yi a ɗakin. Wannan tsarin ya isa?

Ga jarrabawar da sakamakon yaro ya rataya a kanta, a ja kebul zuwa kowane tebur. Waifai iska ce da kowa ke iya shiga, kuma hotsifot ɗaya a aljihun wani a bayan taga na iya jawo tsaiko a daidai lokacin da ɗalibi ke tura amsa. Duk kwamfutar da ba ta motsi, ta ɗakin jarrabawa ce, ko firinta, ko ta teburin akawu, kebul ya fi dacewa da ita, kuma duk wadda ka sauke daga iska ta bar wa wayoyi lokacinta. Idan gwajin aji ne na mako-mako da za a iya maimaitawa, takwas ɗin nan za su ɗauka, sai dai a shigar da ɗalibai layi-layi, kada duka 400 su danna shiga a daƙiƙa ɗaya.